Softanar da ta ƙi cin gishiri: aikin da muka sake a wani gida a Unguwar Dosa

A ƙarshen hunturu wani Alhaji ya kira ni gidansa a Unguwar Dosa, nan cikin Kaduna. Ya sayi injin tausasa ruwa, wanda mu masu aikin famfo muke kira softana, an kuma haɗa masa shi wata biyu da suka wuce. Ya ce kwanakin farko abin ya burge kowa: sabulu na kumfa, farin dattin da ke manne wa kan shawa ya daina fitowa. Kafin a cika mako biyu ruwa ya koma gidan jiya. Wanda ya haɗa injin ya zo sau biyu, ya daddanna maɓallai, ya ce a ƙara gishiri. Aka ƙara, ba abin da ya canza. Alhaji ya riga ya yanke hukunci cewa jabun kaya aka sayar masa, kuma so yake in gaya masa wanda zai saya a madadinsa.

Gidan mutum tara ne, har da mahaifiyarsa. Ruwansu na bohal ne, sumo ke tura shi tankin sama mai cin lita 2,500, daga nan ya gangaro cikin gida da nauyinsa. Akwai hita biyu a banɗakuna, da injin wanki, da sola mai infata.

Gwajin farko

Ban taɓa injin ba sai da na gwada ruwan. Wannan ƙa'idata ce, musamman a Kaduna. Garinmu zaune yake kan dutse mai tauri, irin su giranit, ba kan dutsen farar ƙasa ba, don haka a yawancin bohal ɗin da na gwada matsalar da na fi cin karo da ita ƙarfe ne, wato ruwan da ke yin ja a bokiti, ba tauri ba. Amma bohal ba ta gadon halin maƙwabciyarta. Na sha ganin gida biyu a layi ɗaya, ruwan wannan yana kumfa, na wancan ba ya yi. Abin yana min ciwo idan na ga an sayar wa mutum softana ba a gwada ruwansa ba, a garin da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa take zaune a Mando.

Abin da muke kira taurin ruwa shi ne kalsiyam da magniziyam da suka narke a cikinsa. Su ne suke kama sabulu su hana shi kumfa, su ne kuma suke daskarewa su zama farin ɓawo a cikin butar lantarki da jikin ƙarfen hita. Hajiya ta kawo min butarsu, na kankaro ɓawon na ɗiga masa lemun tsami, ya yi ta tafasa. Wannan ya nuna min ɓawon tauri ne, amma bai gaya min yawansa ba.

Alhaji ya ɗauko wani ɗan abin awo mai kama da alƙalami wanda aka ba shi tare da injin, mai rubutun TDS a jikinsa. Ya ce da shi suke duba ko injin na aiki, kuma lambar ba ta taɓa sauka ba, ko a kwanakin da ruwan ke kumfa. Na ce masa: "Alhaji, wannan ba zai taɓa nuna maka ba. Duk abin da ya narke a ruwa yake ƙirgawa a dunƙule. Ita kuwa softana musanya take yi, ta karɓi kalsiyam ta ba da sodiyam. An cire wani an sa wani, lambar tana nan, wani lokacin ma ta ɗan hau."

Gwajin da ke faɗin gaskiya shi ne na ɗigo. Ana zuba ruwan a ɗan kwalba har zuwa layin da aka shata, a sa garin alama, ruwan ya koma ja-ja kamar zoɓo idan yana da tauri. Sai a riƙa ɗiga maganin EDTA ɗaya bayan ɗaya, ana jujjuya kwalbar bayan kowane ɗigo, har launin ya juye shuɗi tsantsa, ba sauran ja. A irin kayan gwajin da nake riƙewa, kowane ɗigo daidai yake da miligiram 17.1 a lita. Wasu kayan lissafinsu daban ne, sai a karanta takardarsu. Dole kuma a riƙe kwalbar maganin a tsaye cak, don idan aka karkata ta girman ɗigon yana canzawa.

Na bar famfo ya zuba na minti biyu kafin in ɗiba. Ruwan da bai shiga injin ba ya ci ɗigo 13, wato kusan miligiram 220 a lita. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya tsaya a 150, kuma a rabe-raben da aka saba amfani da su duk abin da ya haura 180 ana lissafa shi mai tsananin tauri. Ke nan Alhaji bai yi asarar kuɗi ba, gidansa na bukatar softana. Sai na gwada ruwan da ya fito daga injin. Ɗigo 13. Ruwa na shiga yana fita yadda ya shiga. Na gwada ƙarfe kuma, na samu miligiram 0.4 a lita, ya ɗan haura 0.3 da ma'aunin ya yarda da shi.

Inda matsalar take

Cikin doguwar tukunyar softana akwai ƙananan ƙwayoyi masu ruwan zuma, kamar ƙwan kifi, su ake kira rezin. Sababbi suna zuwa ɗauke da sodiyam tun daga kamfani. Duk ruwan da ya ratsa su sai su kama kalsiyam ɗinsa su sakar masa sodiyam, har ranar da suka cika. Daga nan sai an wanke su da ruwan gishiri mai kauri, ya kori kalsiyam ɗin zuwa magudana, ya mayar musu da sodiyam. Wannan ya bayyana min kwanakin daɗin da gidan ya samu. Guzurin kamfani rezin ya yi ta ci, da ya ƙare kuma ba a taɓa sake cika shi ba.

Na buɗe tankin gishiri. Ruwa ya hau har kusa da baki, ya tsaya inda ƙwallon tsaro ya tare shi, gishiri kuma jibge a ƙasa. Na tambayi Hajiya ko ta taɓa ganin ya ragu. Ta ce: "Malam, tun da aka zuba yana nan, sai dai ƙarin da aka yi." Softanar da ke aiki dole ta ci gishiri. Idan wata ya wuce bai ragu ba, ba tattali take yi ba, ba ta wanke kanta ne.

Na shata layi da maka a daidai bakin ruwan, na sa injin ya fara wanki da hannu, na tsallake zuwa matakin jan ruwan gishiri. Muka tsaya minti goma sha biyar, ruwan bai motsa daga layin ba. Na cire siririn tiyon da ke zuwa tankin gishiri na ɗora yatsa a bakin mahaɗarsa. Inji mai lafiya zai tsotsi yatsan har ka ji ya manne. Wannan ruwa ma yake ɗan turowa waje.

Softana ba ta da famfon jan gishiri. Abin da take da shi wani ɗan matsattsen rami ne a cikin kanta, injekta. Ruwa ke bi ta ramin da gudu, gudun nan ya haifar da tsotso, tsotson ya jawo ruwan gishiri. Abu biyu ke kashe wannan tsotso: ko ruwan da ke shiga ba shi da ƙarfi, ko hanyar fitarsa ta toshe. A gidan nan duka biyun sun haɗu.

Na ɗaura geji, wato abin auna ƙarfin ruwa, a bakin shiga, ya nuna bar 0.6. Ba abin mamaki ba ne. Duk tsayin mita 10 na ruwa bar ɗaya yake bayarwa, tankin Alhaji kuwa bai wuce mita 6 sama da injin ba. Takardar kan injin ta ce yana bukatar aƙalla bar 1.5. Da irin tankunan da muke ɗorawa a gidajenmu, sai an kai mita 15 kafin a samu haka, tsayin da ba mai ɗora tankin gida a kansa. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a softanonin Kaduna. An ƙera injin ne don inda ruwan famfo ke zuwa da ƙarfinsa, mu kuma ruwanmu gangarowa yake yi.

Sai magudanar. An haɗa tiyon ba-ruwa na rabin inci, mai tsawon mita 14, ya bi gindin katanga, ya lanƙwashe a wata kusurwa, ya hau kan wata gajeruwar katanga, ya sauka, aka cusa bakinsa cikin ɗakin sokawe aka liƙe da siminti. Ko da ƙarfin ruwan ya isa, wannan tiyo kaɗai zai iya danne tsotson. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne bakin da aka cusa. Ranar da sokawe ya cika, ko ranar da ruwan tanki ya ƙare bututu ya yi tsotso baya, hanya ce a buɗe daga najasa zuwa cikin ruwan gida. Na nuna wa Alhaji wannan kafin komai, na ce ko bai ba ni aikin ba a zare tiyon nan yau.

Babu baifas kuma, wato hanyar da ruwa zai kewaye injin ya wuce cikin gida. Bututu ya shiga, bututu ya fita, an manne su da gam kai-tsaye. Ba yadda za a taɓa injin sai an yanke wa gidan ruwa gaba ɗaya.

Sabon haɗi

Mun yi shawara kan inda injin zai zauna. Ana iya sa shi tsakanin sumo da tankin sama, don sumo na da ƙarfi. Na ƙi wannan saboda sumo ba ya tashi sai lokacin cika tanki, wankin softana kuwa yana son ruwa mai ƙarfi na kusan awa ɗaya da rabi ba yankewa. Muka zaɓi sa busta, wato injin ƙara wa ruwa ƙarfi, mai rabin doki bayan tankin sama, irin mai tashi da kansa idan an buɗe famfo, muka ɗora shi kan layin infata.

Jerin ya zama haka: ruwa ya sauko daga tanki, ya shiga busta, ya wuce bawul mai hana ruwa komawa baya, ya ratsa filta mai tsawon inci 20 da ke tare laka da jan ƙarfen da ya riga ya daskare a tanki, sannan geji, sannan baifas da softana. Filtar nan ba ado ba ce. Rezin na iya ɗaukar ɗan ƙarfen da ke narke, amma wanda ya zama ja yana lulluɓe ƙwayoyin ya hana su aiki. Da muka kunna busta geji ya tsaya a bar 2.8.

Baifas ɗin da hannu muka gina shi, da bawul uku na inci ɗaya masu dogon mariƙi. Ɗaya a kan bututun da ke shiga injin, ɗaya a kan wanda ke fita, na uku a kan guntun bututun da ya haɗa su biyun ta sama kamar gada. A kullum na shiga da na fita a buɗe suke, na gada a rufe. Idan za a yi gyara sai a juya: a rufe biyun, a buɗe gada, gida ya ci gaba da samun ruwa, ko da mai tauri ne. Ƙasan kowane bawul muka sa yuniyan don a iya kwance injin ba tare da an yanka bututu ba. Na duba kibiyoyin da ke jikin kan injin sau biyu kafin mu manne, don idan aka juya shiga da fita rezin na iya bin ruwa ya toshe kawunan famfo. Nan da nan bayan bawul ɗin fita na sa ɗan ƙaramin famfo na ɗibar ruwan gwaji. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma shi ya warware mana wata matsala daga baya.

Kafin baifas muka cire reshe guda na ruwan da ba a tausasa ba, ya tafi famfon kicin da famfon tsakar gida inda ake ba shuke-shuke ruwa. Dalilin kicin Hajiya Babba ce, mahaifiyar Alhaji, wadda ke fama da hawan jini kuma likita ya ce ta rage gishiri. Duk miligiram 100 na tauri da softana ta cire tana zuba kusan miligiram 46 na sodiyam a madadinsa. A ruwan gidan nan kusan miligiram 100 ke nan a kowace lita. Bai kai a ji shi a baki ba, amma ban ga dalilin ƙara wa tsohuwa abin da aka ce ta rage ba, alhali kalsiyam ɗin da ke cikin ruwan ba ya cutar da mai sha. Hita da injin wanki da shawa ne ke bukatar ruwa mai laushi. Buta kuwa a riƙa wanke ta da lemun tsami. Na kuma gaya wa Alhaji ƙarara cewa softana ba ta kashe ƙwayoyin cuta, kada wani ya ɗauka ruwan ya zama tsarkakakke don ya ratsa ta.

Magudanar ta fi cin mana lokaci. Kowane wanki yana fitar da kusan lita 300, kuma a cikinsu akwai ruwan gishiri mai kauri. Ina za a kai shi? Ba gindin mangwaron tsakar gida ba, don gishiri na kashe ƙasa a hankali. Ba kusa da bohal ba, don abin da ka zubar a nan shi za ka sake jawowa. Ban so a mayar da shi sokawe ba, saboda ƙarin ruwan zai sa ya riƙa cika da wuri, gishiri kuma yana cin rodin da ke cikin murfin kankare. A fili irin namu na ƙafa 50 a 100 zaɓi kaɗan ne. Muka kai shi kwatar siminti da ke ɗaukar ruwan wanka da na wanki zuwa babbar magudanar layi, bayan na zagaya na tabbatar kwatar ba ta tsage ba, ba ta kwanciya, kuma ba rijiyar maƙwabci a bakinta. Ba zan ce wannan hanya ba ta da aibi ba. Gishirin wani wuri yake zuwa. Shi ya sa nake matsa wa kaina a saita inji ya ci daidai abin da yake bukata, kada ya wuce.

Muka matsar da injin kusa da kwatar, ƙarƙashin 'yar rumfa saboda rana na cin jikin tukunyar da kan injin. Magudanar ta koma mita 3 kacal, da bututu mai tauri wanda ba ya lanƙwashewa, yana gangara tun daga farko har ƙarshe. Bakinsa bai shiga kwata ba. Mun kafa wani faffaɗan bututu a tsaye, muka ɗaure bakin magudanar a samansa da tazarar santimita 4 na iska tsakaninsu. Ruwa ya faɗo ta cikin iska ya shiga, amma ko kwata ta cika ta tumbatsa da damina ba abin da zai iya hawa ya koma cikin injin. Tankin gishiri shi ma yana da bakin ambaliya a gefensa, muka ja masa nasa tiyon daban. Yarona ya so ya haɗa su biyun da mahaɗa ɗaya don a rage aiki. Na ce masa: "Kai, wancan da ƙarfi yake fita, wannan da nauyinsa yake gangara. Ka haɗa su, ruwan wanki zai bi ta nan ya cika tankin gishiri."

Lissafin gishiri da lita

Tukunyar mai faɗin inci 10 ce da tsayin inci 54, da rezin lita 40 a ciki. Idan ana ba kowace litar rezin giram 120 na gishiri a wanki, ina lissafa za ta kama kusan giram 50 na tauri. Taurin ruwan 220 ne, na ƙara 30 saboda ɗan ƙarfen da ke ciki, don shi ma yana cin gurbi a jikin rezin.

```
40 × 50 g = 2,000 g
2,000 g ÷ 0.25 g/L = 8,000 L
40 × 120 g = 4.8 kg
4.8 kg ÷ 0.36 kg/L ≈ 13 L
```

Wato injin zai tausasa lita 8,000 kafin ya cika, kowane wanki zai ci kilo 4.8 na gishiri, kuma tunda lita ɗaya ta ruwa giram 360 take iya narkarwa, ana bukatar lita 13 su koma tankin gishiri bayan kowane wanki. Hajiya ta ce tankin sama kwana biyu yake yi musu, ke nan suna shan kusan lita 1,200 a rana. Na cire na kwana ɗaya a matsayin ajiya, na saita mitar injin a lita 6,800. Dalilin ajiyar shi ne injin ba ya wanki nan take idan lambar ta cika, yana jiran sa'ar da aka ba shi, kuma kada rezin ya ƙare kafin sa'ar ta zo.

Cikon tankin gishiri da minti ake saita shi, ba da lita ba, don haka na auna da bokiti: lita 1.9 a minti. Minti 7 ke nan. Sauran matakan na bar su minti 10 na wankin baya, wanda ke ɗaga rezin ya kaɗe datti, minti 60 na jan gishiri da ɗauraya a hankali, da minti 10 na ɗauraya da ƙarfi.

Sa'ar wankin na tarar da ita a `02:00`, yadda take zuwa daga kamfani. An zaɓi wannan lokaci ne don mutane na barci, tunda yayin wanki ruwa mai tauri ke wucewa cikin gida. Amma ƙarfe biyun dare a Kaduna shi ne lokacin da batirin infata ya fi yin ƙasa, kuma ba mai tabbacin wuta. Idan busta ya mutu a tsakiyar wanki, ruwan gishiri na iya kwana a cikin tukunya, da asuba mai alwala ya ji shi a baki. Na mayar da ita `11:00`, lokacin da rana ta buɗe, yara na makaranta, an gama wankan safe. Na roƙi Hajiya abu biyu: kada tankin sama ya kasance fanko da hantsi, kuma idan ta ji ruwa na zuba a kwata a wannan lokaci a jinkirta kunna injin wanki.

Muka kwashe tsohon gishirin. Na buhu ne mai laushi, ya dunƙule a ƙasa kamar laka, ga ƙurar hunturu a kai don murfin bai zauna daidai ba. Muka wanke tankin, muka zuba gishiri mai ƙwaya irin na softana har rabi, da ruwa lita 13, muka bar shi ya kwana ya narke. Washegari na buɗe bawul ɗin shiga kaɗan-kaɗan, injin na kan wankin baya, har iska ta gama fita ta magudana. Ruwan farko ja ya fito. Da aka zo jan gishiri na sake shata layi, cikin minti ashirin tankin ya sauka har ƙasa. Saboda rezin ya yi makonni a cike, ga ƙarfe a jikinsa, na sake yi masa wanki na biyu da yamma bayan sabon gishiri ya narke. Sannan na ɗebi ruwa a famfon gwaji. Ɗigo ɗaya ya juye shuɗi.

Kwana goma bayan nan

Alhaji ya sake kira, muryarsa a sanyaye. Na bar masa kayan gwaji na koya wa babban ɗansa, kuma yaron ya samu ɗigo 4 a banɗakin baƙi. Na ce kafin in zo ya gwada wuri uku ya turo min: ruwan kicin, famfon gwaji, da ruwan sanyi na banɗakin. Amsa ta zo 13, 1, 4.

Waɗannan lambobi uku sun isa. Injin lafiyarsa lau, tunda abin da ke fita daga bakinsa 1 ne. Taurin yana shiga ne bayan injin, kuma ƙofa ɗaya ce tsakanin ɗanyen ruwa da mai laushi, wato gadar baifas. Har yawan ɗigar ana iya ƙiyastawa: daga 1 zuwa 13 tazarar 12 ce, an hau 3, ke nan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ta gada yake bi. Da na je na tarar mariƙin bawul ɗin ya ɗan karkata, an jingina tsintsiya da abin goge ƙasa a jikinsa. Na rufe shi, na kwance mariƙin na rataye a ƙusa a cikin rumfar, na rubuta a bango da fenti yadda bawul ukun ke tsayawa a kullum da yadda suke tsayawa ranar gyara. Da ba famfon gwajin nan, da mun sake zargin injin mun kwance shi a banza.

Ruwan zafi shi ma ya nuna ɗigo 3, amma wannan ban taɓa shi ba. Tsohon ɓawon da ke cikin hita ne ruwa mai laushi ke narkarwa a hankali, kuma na gaya musu zai ɗauki makonni kafin ya sauka. Shi ya sa ba a yanke wa softana hukunci da ruwan hita.

Hajiya ta kawo nata ƙorafin a ranar: ruwan na da santsi, kamar sabulu ba ya fita daga jiki. Na ce mata haka fatar mutum take ji idan ba dattin sabulu da kalsiyam a kanta, ta rage sabulun da omo zuwa rabi ta gani. Idan bayan wata guda har yanzu ba ta so, ana iya buɗe gadar da gangan ɗan kaɗan, a riƙa gwadawa har banɗaki ya tsaya a ɗigo 3 ko 4, a kulle ta a nan. Ta ce a bari tukuna.

Ɗan Alhaji ya riƙe ɗan littafi. Duk Juma'a yana rubuta ɗigon famfon gwaji, da litar da ta rage a allon injin, da matsin geji, da inda gishiri ya tsaya. Na ce masa gwajin da ya fi amfani shi ne wanda aka yi ana dab da wanki, lokacin da lambar allo ta kusa ƙarewa, don a nan ake gane ko lissafin 6,800 ya yi daidai. Idan ya ga ɗigo 3 ko fiye a lokacin, mu rage lambar. Bayan wata ɗaya ya turo min hoton shafin. Injin ya yi wanki sau biyar, buhu ɗaya na kilo 25 ya kusa ƙarewa, gwajin dab da wanki bai wuce ɗigo ɗaya ba. A mako na huɗu geji ya sauka zuwa bar 2.1, suka buɗe filta suka tarar ta yi ja, suka canza ta, ya koma 2.8.